Tambayoyi Uku Kafin Zaɓen Gwajin Ƙididdiga

Littafin ƙididdiga yakan jera gwaje-gwaje ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lissafinsa. Amma ɗalibin da ya dawo daga gona ko asibiti da bayanai a hannu, abin da ke damunsa shi ne wane gwaji ya dace da abin da ya tattaro. Saboda haka in za ka taƙaita babin, kada ka bi jerin marubucin. Mayar da shi tambayoyi uku a shafi guda.

Tambaya ta farko: sakamakonka awo ne ko rabo? Nauyin masara da hawan jini awo ne. Warkewa ko rashin warkewa kuwa rabo ne, domin mutane kake ƙirgawa gida-gida. In rabo ne, gwajinka shi ne wanda manhajar SPSS ke kira Chi-square, wanda Karl Pearson ya fito da shi a 1900. Sai dai a ƙaramin jadawali mai gida huɗu, idan adadin da ake tsammani a wani gida bai kai 5 ba, koma ga Fisher's Exact Test.

Ta biyu: in awo ne, rukuni nawa kake kwatantawa? A ce ɗaliba ta shuka masara a fuloti 30, ta zuba takin zamani a 15, takin gargajiya a 15, sannan ta auna kilon da kowane fuloti ya bayar. Rukuni biyu ke nan, sai ta ɗauki Independent-Samples T Test. Da ta ƙara wasu fuloti 15 marasa taki, sai One-Way ANOVA. A nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe: sukan maimaita gwajin rukuni biyun har sau uku. Kowane gwaji yana da haɗarin kashi 5 cikin 100 na nuna bambancin da babu shi, sau uku kuwa haɗarin ya doshi kashi 14.

Ta uku: rukunan dabam-dabam ne, ko abu ɗaya aka auna sau biyu? Idan marasa lafiya 20 aka auna wa jini kafin magani da bayansa, mutum 20 ne, ba 40 ba. Paired-Samples T Test ne nasu, domin yana duba canjin da kowane mutum ya samu.

A ƙasan shafin, rubuta sharaɗi guda: zana bayananka kafin ka gwada. Idan fulotin kaɗan ne, biyu kuma suka yi wa sauran fintinkau, matsakaicin zai ruɗe ka. Sai ɗalibar ta koma ga Mann-Whitney U in rukuni biyu ne, ko Kruskal-Wallis H in uku ne, domin su matsayi suke dubawa, daga ƙarami zuwa babba.

Ka amsa tambayoyin nan tun kafin ka fita tattara bayanai. Wanda ya jira sai ya ga sakamako sannan ya zaɓi gwaji, zuciyarsa za ta karkata ga wanda ya ba shi amsar da yake so.