Idan Mai Saye Ya Ce Kaya Ba Su Yi Ba

Mai sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp da Instagram, wadda ita kaɗai ke sarin kaya a Kantin Kwari, ita ke ɗaukar hoto, ita ke kai saƙo tasha, ba ta da wanda za ta tura wa ƙorafi. Saboda haka tana buƙatar tsarin da ta riga ta yanke tun rai yana kwance, domin hukuncin da aka yanke cikin fushi ko jin kunya yakan jawo asarar kuɗi ko ta abokin ciniki.

Aikin yana farawa tun kaya ba su bar gida ba. Kafin ki ɗaure kowane turmi, ki ware shi a hasken rana, ki ɗauki ɗan gajeren bidiyo mai nuna launi, da lambar da ke jikinsa, da cikar yadi shida, sannan ki aika wa mai saye ta ce eh, shi ne. Yawancin rigimar launi daga nan take mutuwa, don hoton da aka ɗauka a hasken ƙwai yana canza ja ya koma ruwan goro. A tasha kuma ki ɗauki hoton ƙunshin da takardar webil, ki riƙe lambar direba.

Na biyu, ki rubuta ƙa'idarki a layi uku ko huɗu, ki ajiye ta a Quick replies na WhatsApp Business, ki aika kafin a biya. Misali: a sanar da matsala cikin kwana biyu da karɓa, tare da hoto, kada a yanka, kada a wanke, wanda laifin ya fito daga gare shi ne zai biya kuɗin mota. Kada ki rubuta "ba a dawo da kaya". Dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kaya masu lahani ko waɗanda suka saɓa da abin da aka siffanta. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da tabbatar da zaɓin mayar da kaya saboda aibi.

To ga ƙorafi ya iso. A ce Hajiya a Kaduna ta sayi turmi biyu, kowanne naira 18,000, ta biya 2,500 kuɗin mota, sai ta turo murya cikin ɓacin rai cewa ɗaya yana da tabo. Amsar farko ba ta gardama ba ce, ba ta alkawari ba: "Hajiya, ki yi haƙuri, na ji saƙonki. Don Allah ki turo hoton wurin, gobe kafin azahar zan gaya miki abin da za a yi." Wannan wa'adin ne ke kwantar da hankali, shi ne kuma zai ba ki sararin duba bidiyonki. Idan tabon yana cikin ninki inda ba ki buɗe ba, laifin naki ne: ki ba ta zaɓi, ko canji, ko kuɗinta 18,000, kuma dawo da kayan a wuyanki yake. Amma ki yi lissafi tukuna. Dawowa da sake aikawa za su ci 5,000, don haka idan tabon yana bakin yadi inda tela zai iya kauce masa, rangwamen 3,000 ya fi muku sauƙi ku biyun, muddin ita ta yarda da zuciya ɗaya. Idan kuwa jiƙewa ce ta hanya, ki fara sallamar Hajiya, sannan ki bi direba da hoton tasha. Idan ra'ayi kawai ta canza, canji ya isa, ita za ta biya mota.

Kuɗi kuwa a mayar da su asusun da suka fito, bayan kin tabbatar a bankinki cewa sun shiga tun farko, domin masu alat na bogi sukan biyo ta wannan ƙofar.

Saura littafi. Kowane ƙorafi ki rubuta kwanan wata, irin kayan, dilan da kika sara a wurinsa, da yadda aka ƙare. Ki ware lokaci guda a rana don wannan aiki, ki kuma riƙa cire wani ɗan kaso daga ribar kowane ciniki ki ajiye gefe, don ranar biya kada ki taɓa jari. A ƙarshen wata ki duba littafin: idan tabo uku sun fito daga shago ɗaya, ki ɗauki hotunan ki je wurin mai shagon kafin sari na gaba.