Bilic da Asid: Inda Mai Fassara Ke Tuntuɓe

A masana'antun abinci na Park Royal da ke yammacin Landan, baƙi da dama ne ke wanke injuna. Dokar Birtaniya ta 2002 ta wajabta a sanar da su haɗarin sinadaran da suke taɓawa.

Takardar bayanin bilic, mai sashe 16, ta yi gargaɗi cewa haɗuwarsa da asid na fitar da iskar kulorin mai guba. To, idan mai fassara ya ce "ruwan batir", kamar yadda Bahaushe ya saba, ma'aikaci ba zai gane cewa ruwan kankare tukunya ma asid ne ba. Don haka a ambaci sunan da ke jikin kwalbar. Wanda ya ji tari da raɗaɗin ido kuwa, ya fice nan take.