Farfela Biyu na Jirgi Mai Saukar Ungulu

Titin Ibrahim Taiwo ba shi da nisa da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, don haka mutanen Fagge da Sabon Gari kan ga helikwafta ta gifta ta samansu. Mai lura zai ga farfela biyu: babba a kwance bisa kai, ƙarama a tsaye can ƙarshen wutsiya. Igor Sikorsky ya tashi da jirgi mai wannan tsari, VS-300, a 1939, kuma har yau tsarin ne ya fi yawa.

Babbar farfelar tana aiki kamar fankar sama: kowane fiffike a ɗan karkace yake, yana yankar iska yana tura ta ƙasa, iskar kuma tana tura shi sama. Ɗauki Mi-17, wadda sojojin saman Najeriya ke da irinta. Fikafikanta biyar ne, faɗin da'irarsu mita 21, suna zagayawa kusan sau 190 a minti, har bakin kowane fiffike yana gudun kilomita kusan 770 a awa. Da haka take ɗaga tan 13. Mutane kan zaci idan za a tashi gudun farfela ake ƙarawa. A'a, gudun kusan ba ya canzawa. Matuƙi liba yake ja da hannun hagu, fikafikan su ƙara karkata gaba ɗaya, su ɗebi iska mai yawa.

To, a nan wutsiya take shigowa. Duk ƙarfin da inji ya sa ya murɗa farfela zuwa dama, daidai shi yake murɗa gangar jirgin zuwa hagu. Fanka ƙarfen rufi ne ke riƙe ta, jirgi a sama kuwa ba abin da ya kama. Mu ƙaddara injin yana ba farfelar kilowat 2,000. A wannan gudu, murɗawar za ta kai ta nauyin tan 10 da aka rataya a sanda mai tsawon mita ɗaya. Amma ƙaramar farfelar tana nesa da babbar da kusan mita 12 da rabi, saboda haka turin kilo 800 zuwa gefe ya isa ya tare ta. Dalilin tsawon wutsiyar ke nan. Da feda biyu matuƙi ke ƙara wannan turi ko rage shi.

Zafin Kano yana da hannu a lissafin. A watan Afrilu, idan ya kai digiri 40, iska takan yi sakayau, dole a ƙara karkatar fikafikai, murɗawa ta ƙaru. Jirgi mai kaya da yawa kan kai inda matuƙi ya taka feda har ƙarshe amma hancin yana ci gaba da juyawa hagu. Idan farfelar wutsiyar ta lalace ɗungurungum, sai ya sauke liba, ya cire ƙarfin inji, iskar da ke tasowa daga ƙasa ta riƙa juya babbar farfelar har ya sauka.