Muryar da aka kwaikwaya da na'ura da yadda iyali za su tantance mai kira

Kwaikwayon murya da na'ura shi ne a ba wa wata manhaja mai aiki da ƙirƙirarriyar basira ɗan guntun maganar mutum, ta nazarci kaurin muryarsa da karin harshensa da yadda yake jan numfashi, sannan ta furta duk abin da aka rubuta mata kamar daga bakinsa ya fito. A da aikin yana buƙatar magana mai tsawo da aka naɗa, amma a watan Janairun 2023 masu bincike na kamfanin Microsoft suka bayyana wata manhaja mai suna VALL-E wadda maganar daƙiƙa 3 ta ishe ta. Ke nan saƙon murya guda da aka tura a zauren WhatsApp, ko bidiyon biki da aka ɗora a intanet, ya wadatar da ɗan damfara.

Abin da ya faru da wata uwa a jihar Arizona ta Amurka a farkon 2023, wanda daga baya ta ba da shaidarsa a gaban wani kwamitin majalisar dattawan ƙasar, ya nuna yadda ake ɗana tarkon. An kira ta da lambar da ba ta sani ba, ta ji muryar 'yarta mai shekara 15 tana kuka tana neman agaji, nan take wani namiji ya karɓe maganar ya ce yarinyar tana hannunsa, ya nemi dala miliyan 1, sannan ya sauko zuwa dala 50,000. Uwar ba ta yi shakkar muryar ba ko kaɗan. Abin da ya cece ta shi ne akwai wasu mata tare da ita, waɗanda suka kira 'yan sanda da mijinta ta wasu wayoyi yayin da take kan layi, cikin 'yan mintoci aka tabbatar cewa yarinyar tana nan lafiya.

Tsarin wannan kira ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne yake tona asirin damfarar fiye da sautin muryar. Muryar da aka kwaikwaya takan yi magana kaɗan ne, cikin kuka ko hayaniya da ke ɓoye aibinta, sai wani ya karɓe, saboda doguwar hira da amsa tambayoyin ba-zata su ne inda na'urar ta fi tuntuɓe. Daga nan sai a matsa da gaggawa, a hana kashe waya, a hana sanar da kowa, a kuma nemi kuɗi ta hanyar da ba a iya dawo da su cikin sauƙi. Akan ambaci wasu alamu na sauti, irin su jinkiri kafin amsa da magana marar hawa da sauka, sai dai dogaro da su ganganci ne, tunda layin waya da kansa yana dusashe murya, hankalin da ya tashi kuma ba ya tace abin da kunne ya ji. A arewacin Nijeriya, inda garkuwa da mutane domin kuɗin fansa abu ne da iyalai da yawa suka gani da idonsu, irin wannan ƙarya ta fi saurin samun shiga.

Saboda haka tantancewa dole ta bi wata hanya daban da wadda kiran ya zo. Mataki mafi ƙarfi shi ne a katse kiran a kira mutumin ta lambarsa da aka daɗe da ajiyewa, in kuwa ana tsoron katsewa, wani na kusa ya kira shi ko wanda suke tare da shi ta wata wayar. Ganin sunan ɗan'uwa a fuskar waya ba hujja ba ce, domin akwai dabarar da ke sa kira ya bayyana da lambar wani, amma wanda ya buga lambar da hannunsa wayar mai ita ta ainihi zai samu, muddin ba a sace layin ba.

Hanya ta biyu ita ce kalmar sirri ta gida, wadda hukumar FBI ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa amfani da ita a ƙarshen 2024. Ana zaɓen ta ne baki da baki, ba a rubuta ta a zauren hira, kuma kada ta zama sunan kaka ko unguwa ko laƙabin da maƙwabta suka sani. Wanda aka kira shi ne zai nemi a faɗe ta, ba zai fara furta ta ba, in kuma an taɓa amfani da ita a waya sai a sauya. Tana da iyaka, domin wanda yake cikin firgici na gaske yana iya mantawa, don haka rashin faɗin ta dalili ne na ci gaba da bincike kafin a yanke hukunci. Inda ba a riga an shirya kalma ba, tambaya kan abin da bai taɓa fita waje ba, kamar abin da aka ci a gidan daren jiya, tana yin aiki makamancin haka.

Idan kuɗi sun riga sun fita, a sanar da banki nan take tare da lambar asusun da aka tura wa da sunan da ya bayyana lokacin turawa, domin 'yan damfara kan kwashe su zuwa wasu asusu cikin ɗan lokaci, sannan a kai rahoto ga 'yan sanda ba tare da an goge tarihin kiran daga wayar ba.