Akwatin Imel Ɗaya Ko Tsarin Tikiti?

Ma'aikata biyu ko uku suna iya amsa koke-koken masu saye daga akwatin imel ɗaya, don kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke riƙe da shi. Da an kai shida, ana canjin aiki safe da yamma, sai ɓaraka ta fito. Mai saye ya nemi a mayar masa da kuɗinsa, mutum biyu su amsa, wannan ya ce an tura, wancan ya ce a kawo rasit. Wani saƙon kuma kowa ya buɗe ya wuce, yana zaton an amsa.

Tsarin tikiti irin Zendesk yana ba kowane koke lamba, da mai kula da shi, da matsayinsa. Sai dai yawanci kuɗin wata ake biya kan kowane ma'aikaci. In shugaba ya kasa faɗin koke nawa suka kwana ba amsa, lokacin ƙaura ya yi.