Takardar Ƙin Ba da Dogon Hutu Marar Albashi

Idan ma'aikaci ya nemi dogon hutu marar albashi kuma ba za a iya ba shi ba, manaja kan amsa masa a rubuce, don a sami shaida a fayil. A Najeriya, Dokar Ƙwadago ta tanadi hutun shekara da na ciwo da na haihuwa, amma dogon hutu marar albashi ya dogara ne ga yarjejeniyar aiki da dokokin ma'aikata, shi ya sa manaja ke fara duba su kafin ya ɗauki biro.

Takardar kan fara da ambaton buƙatar da ranakunta, sai amsar ta biyo baya a fili. Misali, akanta ya nemi wata uku daga Nuwamba don jinyar mahaifiyarsa. Manaja zai rubuta: "Malam, na duba buƙatarka. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Ba zan iya amincewa da wata ukun ba, saboda lokacin ya faɗa cikin rufe asusun shekara, kuma babu wanda zai riƙe teburinka. Za ka iya ɗaukar mako biyu daga hutunka na shekara, sannan ka sake nema a Fabrairu."

Kuskuren da aka fi yi shi ne kwana-kwana. Kalamai irin su "za mu gani" kan sa ma'aikaci ya shirya tafiya bisa zaton an yarda. Haka kuma dole dalilin ya kasance na aiki, wanda za a iya faɗa wa duk wanda ya kawo irin wannan buƙata. Idan an taɓa ba wani aka hana wannan ba tare da bayani ba, zargin son kai zai biyo baya.