Yadda Ake Raba Gado Tsakanin Mata, Iyaye da 'Ya'ya

Ba a fara rabon gado sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashin da ake bin mamaci, sannan an zartar da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya. Abin da ya rage shi ne na magada.

Masu kaso ƙayyadadde a Suratun Nisa'i ake fara sallama. Idan mamaci ya bar ɗa ko 'ya, matarsa tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas. In babu, rubu'i. Ko mata huɗu ne, wannan kason za su raba daidai. Miji kuwa rubu'i yake samu in matar ta bar ɗa, rabi in ba ta bari ba.

A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, uwa, uba, ɗa namiji da 'ya mace, kuma bayan biyan bashi saura naira 720,000. Matar za ta karɓi 90,000. Uwa da uba kowanne yana da sudusi, wato 120,000. Ragowar 390,000 ta 'ya'ya ce, namiji ya ɗauki ninkin kason mace: shi 260,000, ita 130,000. 'Yan'uwan mamaci ba su da komai a nan, domin ɗa namiji da uba sun katange su.

Inda aka fi zaluntar mata shi ne gida da gona, a ce wai na maza ne. Haƙƙin mace yana cikin kowace kadara, don haka wajibi ne a yi musu kuɗi a ba ta kasonta.